Ta ina zan fara taimaka wa 'yata ta tsara bayanin kimiyya a gaban aji?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Malamin kimiyya ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi batu mai sauƙi ya yi bayani na minti biyar a gaban aji, da gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Ta kwafo shafi uku daga littafi tana ta hadda, amma da na tambaye ta ma'anarsu sai ta yi shiru. Ta ina zan fara taimaka mata? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, abu na farko shi ne ki karɓe shafukan nan uku ki ajiye su tukuna. Yaro mai magana a natse a gaban jama'a yakan furta kalma ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti ɗaya, don haka minti biyar ba zai ɗauki fiye da kalma 500 zuwa 600 ba, wato abin da bai wuce shafi ɗaya da rabi ba. Wanda ya shigo da shafi uku, ko dai ya riƙa zuba kamar ana korarsa, ko kuma malami ya tsayar da shi bai kai ga kammalawa ba, kuma duka biyun suna jawo asarar maki.

Abin da zai rage mata kayan shi ne ta mayar da batun tambaya guda ɗaya. “Zafi” ko “Ruwa” babi ne na littafi, kuma ba wanda zai gama babi a minti biyar. Amma idan ta ce, “Me ya sa ruwan randa yake da sanyi alhali ba a haɗa ta da lantarki ba?” ta sami tambayar da take da amsa ɗaya, wadda duk 'yan ajin sun san abin da ake magana a kai. Zan bi wannan misali har ƙarshe domin ki ga yadda ake ginin. Idan ta riga ta zaɓi wani batun, hanyar ba ta canzawa.

Ko da yake gabatarwa ce ke zuwa farko a baki, ba ita ake fara shiryawa ba. Ana fara da amsar. Ki zaunar da ita ki ce ta faɗa miki da Hausa, cikin jimla ɗaya, dalilin sanyin ruwan randa. Yawancin yara za su ce ƙasa ce ke da sanyi, ko kuma randa tana jawo sanyi daga waje, kuma wannan kuskure ne da nake ji kusan kowace shekara. Randa ba ta ƙera sanyi, zafi ne yake fita daga ruwan. Jikin randar da ba a shafa wa fenti ba yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayanta, iska ta busar da shi ya zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, zafin nan kuwa daga jikin randar da ruwan da ke ciki yake ɗiba. Idan ta iya faɗin wannan da bakinta ba tare da duba takarda ba, rabin aikin ya ƙare. Sai daga baya a koma ga Turancin da za ta yi bayanin da shi, a ɗauko sunan da littafin ajinsu ya ba wannan ƙafewar ruwa, ta koyi furta shi da rubuta shi daidai a allo.

Daga wannan jimla ake fitar da gundarin bayani, wanda zai ci kamar minti uku da rabi. Ya isa a raba shi gaɓa uku, kowace gaɓa tana haifar da ta gaba. Ta farko ita ce abin da ke faruwa a jikin randa, wato tsattsafowar ruwa, kuma hujjarta kowa ya taɓa gani: bayan randa kullum a jiƙe yake, yashin da ke ƙarƙashinta ma da danshi. Ta biyu ita ce dalilin da ya sa ƙafewa take kawo sanyi, kuma a nan ya kamata ta fi daɗewa, domin nan ne kimiyyar take. Ta uku ita ce abin da ke ƙara sanyin ko rage shi.

A gaɓa ta biyu ina ba da shawarar adadi ɗaya kacal, wanda ta fahimta. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 2,400 na zafi kafin ya ƙafe a yanayin ɗaki, alhali jul 4.2 kawai ake cirewa daga giram ɗaya na ruwa a sauke zafinsa da digiri ɗaya. Idan randa tana ɗauke da lita 10, wato giram 10,000, sai an cire jul 42,000 kafin ta sauka da digiri ɗaya. A raba 42,000 da 2,400, za a sami giram 17.5, abin da ya ɗan ɗara babban cokali guda. Ba sai ta yi wannan lissafi a gaban aji ba. Ta faɗi sakamakon kawai: ƙafewar ruwa cokali ɗaya da ɗoriya tana iya sauke zafin lita goma da digiri ɗaya. Amma ta san inda adadin ya fito, ta kuma san iyakarsa, domin a zahiri iskar ɗaki mai zafi tana mayar wa randar da wani zafin a lokaci guda, shi ya sa ruwan ba ya ci gaba da sanyi har ya zama ƙanƙara. Malami mai son gwada fahimta nan zai taɓa.

Kafin ta faɗi adadin, ta sa 'yan ajin su ji abin a jikinsu. Ta ɗiga ruwa a bayan hannun mutum biyu ko uku da ke layin gaba, ta ce su hura wurin, sannan su hura ɗaya hannun da yake bushe, su faɗi wanne ya fi sanyi. Wannan bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Gwajin da ya fi wannan girma a gida za a yi shi, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. A sami kwalba biyu iri ɗaya, a cika su da ruwa daga bokiti ɗaya, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗayar da busasshe, a ajiye su tare a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa sake jiƙa tsumman idan ya fara bushewa, bayan awa ɗaya a auna zafinsu. Ma'aunin zafin jiki na asibiti ba zai yi ba, saboda an yi shi ne domin abin da ke kusa da digiri 37, sai dai ta aro na ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Duk abin da ta auna shi za ta rubuta, ko da bambancin digiri biyu ne. Kada a ƙara masa gishiri, domin yaron da ya ƙirƙiro adadi tambaya ɗaya ke tona shi.

Gaɓa ta uku gajeriya ce. Busasshiyar iska da ke kaɗawa tana hanzarta ƙafewa, shi ya sa randa ta fi aiki da bazara da hunturu, ta kuma yi rauni a tsakiyar damina, a watan Agusta, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da danshi har shanya ma ba ta bushewa. Jarkar roba kuwa ba ta da ƙofofin da ruwa zai bi, don haka ba ta sanyaya komai. Idan lokaci ya rage, a nan za ta ambaci Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga jihar Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi domin adana tumatir da sauran kayan miya, har aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jimla biyu sun ishe shi. Na ga ɗalibai da labarin ya ɗauke musu hankali suka cinye minti biyu a kansa, suka bar dalilin sanyin ba a bayyana ba.

Sai yanzu ne za a rubuta gabatarwa, tunda an san abin da ake gabatarwa. Daƙiƙa arba'in da biyar ta isa. Bayan gaisuwa da faɗin suna, ta jefa tambayar, sannan ta faɗi hanyar da za ta bi. Misali: “Dukkanmu mun sha ruwan randa da tsakar rana mun ji shi da sanyi, alhali randa ba ta da waya ba ta da inji. Yau zan nuna muku inda zafin ruwan yake tafiya. Zan fara da jikin randa, sannan abin da ƙafewa ke yi, sannan lokacin da randa ta fi aiki.” Ta guji buɗewa da ma'anar kimiyya da aka haddace, ta kuma guji neman afuwa irin ta “ban shirya sosai ba”, domin hakan yana sa malami ya fara neman kuskure tun kafin a yi shi.

Kammalawa ita ce ta fi lalacewa a hannun yara. Wasu sukan tsaya cak su ce “shi ke nan”, wasu kuma su tuno da wani sabon bayani su cusa shi a ƙarshe. Aikinta ɗaya ne, ta koma ga tambayar farko ta amsa ta: “Ruwan randa yana sanyi ne saboda kaɗan daga cikinsa yana fita ta jikin ƙasar ya ƙafe, yana tafiya da zafin wanda ya rage. Shi ya sa randa ta fi aiki da bazara da hunturu, jarka kuwa ba ta yi ko kaɗan. Na gode, ina sauraren tambayoyi.” Hanyar gane ko tsarin ya yi ita ce ta karanta gabatarwar da kammalawar a jere, ta tsallake tsakiyar. Idan sun yi kama da tambaya da amsarta, an dace. Idan ba su haɗu ba, akwai inda aka bar hanya a tsakiya.

Game da takardar da za ta riƙe, rabin shafi ya wadatar: tambayar, kalma biyu ko uku ga kowace gaɓa, adadin nan guda, da jimlar ƙarshe. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai nake yarda a haddace, domin a waɗannan wurare biyu tsoro ya fi kama mutum. A allo kuma zane ɗaya ya isa, randa da kibiyoyi suna fita daga jikinta an rubuta musu zafi, kuma ta zana shi kafin ta fara magana don kada ta ba aji baya.

Ki sa ta gwada sau uku a gida, a tsaye, kina duba agogo. A karon farko kada ki katse ta, ki lura da lokaci kawai. Idan ta haura minti biyar, a rage daga gaɓa ta uku, labarin tukunya biyu shi zai fara fita, kada a taɓa ta biyu. A karo na biyu ki zauna a can ƙarshen tsakar gida domin ta saba ɗaga murya. A na uku ki zama malamin, ki tambaye ta bambancin ƙafewa da tafasa, amsar kuwa ita ce tafasa tana faruwa a kusan digiri 100 cikin dukan ruwan, ƙafewa kuma a saman ruwa take faruwa ko da bai yi zafi ba. Ki tambaye ta kuma abin da zai faru idan aka shafe bayan randa da fentin mai, da dalilin da ya sa gumi yake sanyaya jiki. Idan ta haɗa gumi da randa da kanta, ta ce abu ɗaya ne ke faruwa, to ki mayar mata da shafukanta uku ta duba ko akwai abin da har yanzu take buƙata a ciki.