Mun gama gaisuwa, sai bakina ya mutu: me zan ce?

Tambaya: Malam, ni ɗan Garwa ne, maigidana yana aikena Marwa sayen albasa. Gaisuwa na iya ta, amma da mun kai "to madalla" sai in tsaya kamar gunki. Na ji a waya an ce a riƙa yi wa mutum tambayoyi a kan kansa, na gwada da wani dattijo mai lambu, sai ya ɗaure fuska ya ce albasar ta ƙare, alhali ga buhuna ina gani. Ina na kuskure? Ina tsoron a daina aikena.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, cinikin bai mutu ba tukuna. Amma ka bar ni in fara da waccan shawara ta waya, don kusan kullum sai wani ya kawo mini ita, kuma na gaji. Wani yaro da bai taɓa zama a tabarmar dattijo ba ya ɗauko karatu daga Faransanci, ya juya shi da Hausa, ya ce wai mutum yana son a tambaye shi labarin kansa. Wataƙila haka ne a can inda aka rubuta. A nan kuwa, tambaya bashi ce: ka ɗora wa mutum nauyin amsa, ko dai ya faɗa maka abin da ba ya so ka sani, ko ya yi maka ƙarya, ko ya yi shiru ya ji kunya. Cikin ukun nan babu wanda zai gode maka.

Ban ji abin da ka tambayi dattijon ba, amma zan iya rantsewa akwai "buhu nawa kuka samu bana?" a ciki. Ƙila ka ƙara da "'ya'yanku nawa?" ko "yaushe za ku kai kaya Kusiri?" Ka tsaya ka saurari kanka da kunnensa. Baƙo ne, ba a san asalinsa ba, yana son sanin yawan dukiya, yawan mutanen gida, da ranar da za a hau hanya da kaya a dawo da kuɗi. Mutumin lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru ya ga masu tare hanya, ya ga abin da Boko Haram ta yi tun 2014, ya ji labarin waɗanda aka sace sai da aka sayar da shanu aka fanso su. Kowa ya san ɓarawo ba ya zuwa sai wani ya ba shi labari. Kai hira kake nema, shi kuwa ɗan leƙen asiri yake gani. Ko a zamanin lafiya ma, ba a ƙirga wa Bafillace shanunsa, ba a ƙirga wa mutum 'ya'ya saboda tsoron baki, ba a sa dattijuwa ta ambaci sunan ɗanta na fari ko na maigidanta. Wannan ba ya cikin karatun mai wayar. Su kuma masu sayar da turaren farin jini da layar kwarjini a tasha, kada ka ba su ko dala. Wanda ya tambayi manomi yawan buhunansa, ko da turaren ya yi wanka, fuska za a ɗaure masa.

Za ka ce ai gaisuwar ma tambayoyi ce. Haka ne, amma amsarsu a shirye take tun kakanni. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Ko "jam na?" ka ce wa mai Fulatanci, "jam" zai ce maka, ko da zazzaɓi a jikinsa. Ba wanda ya tona cikinsa. Kuskurenka shi ne ka tsallaka daga tambaya mai shiryayyar amsa zuwa wadda sai an buɗe rumbu kafin a amsa.

Abin da ke bin gaisuwa magana ce da kake ajiyewa a tsakaninku, a kan abin da ku biyu kuke gani ko kuke sha tare, in ya so ya ɗauka, in ya so ya bari. Kuma daga wutsiyar gaisuwar take fita, ba sai ka nemo ta daga nesa ba.

Ga yadda zan yi in ni ne. A ce watan Maris ne, ana cire albasa, zafin Marwa ya haura digiri 40. Na yi sallama, na rage tsawo, na gaishe shi har ƙarshe ba gaggawa. Gaisuwar ƙarshe ita ce, "Baba, yaya zafi?" Zai ce, "Lokacinsa ne." A nan kake tsayawa kamar gunki. Ni sai in ɗora: "Wallahi lokacinsa ne. Tun asuba muka baro Garwa don mu riga rana, amma kafin Figil ta kama mu." Ka ga na ba shi wani abu nawa: daga inda nake da wahalar da na sha. Ban karɓi kome nasa ba. Sai in yi shiru. Shirun nan ne yake ba ku tsoro, ku samari, alhali dattijo yana auna ka ne a cikinsa. In an kawo ruwa ka sha, ka yi godiya, shi ma hira ne.

Yanzu ka kasa kunne. In ya ce, "Ai ku Garwa kuna da Binuwai, mu nan sai rijiya," ƙofa ta buɗe, don ya ƙara wani abu nasa a kan amsar da aka saba. Ka bi ta inda ya buɗe, kada ka canja hanya. Ya ambaci rijiya, sai in ce, "Ga man injin ban ruwa kuma, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, zuwa-zuwa, man nan da ake tsallakowa da shi daga can, bai sake yin araha ba." Wannan kuka ne na kowa, ba sirrin gidansa ba, kuma mai lambu zai iya yin rabin sa'a a kansa. A cikin kukan ne shi da kansa zai gaya maka yadda bana ta kasance, abin da ka so ka ƙwata da tambaya ya hana ka.

In kuwa ya ce "uhm, sai haƙuri," ya mai da ido ga masu ɗinkin buhu, to yau ba ranar hira ba ce. Ka gwada sau ɗaya kawai, kada ka ƙara na biyu. Ka ce, "Baba, maigidana ne ya aiko ni," ka faɗi sunansa da buƙatarka. Ba laifi ka yi ba.

Yabo yana aiki, amma ka yabi aiki, ba yawa ba. "Ma sha Allah, albasar nan ta bushu da kyau, za ta yi ajiya" magana ce ta wanda ya san kaya. "Kai, kun samu da yawa bana" kuwa baki ne. Sa'anka kuma, direba ko ɗan dako, da shi kana iya tsokanar ƙwallo, ka ce Coton Sport ta Garwa ta fi ƙarfin kowa, a yi dariya. Dattijo ba a fara masa da wasa sai in shi ya fara, siyasa kuwa ka bar ta a mota.

Shi wancan baban, ka koma wajensa a tafiya ta gaba, da goro ko da na sefa 500 ne. Kada ka tayar da zancen ranar, don ba shi haƙuri ma tuna masa ne. Ka gaishe shi, ka isar da gaisuwar maigidanka da sunansa, ka ce yau hanyar Figil da sauƙi, sai ka zauna ka jira abin da zai ce.