Na goge tambarin hoton wata don tallar abayata, akwai matsala?

Tambaya: Malam, ina sayar da abaya da atamfa ta Instagram da WhatsApp daga Kano. Nakan ɗauko hotunan kaya irin nawa a shafukan wasu, in goge sunansu da wata manhaja in sa nawa. Shekaranjiya wata mai shago a Abuja ta turo mini saƙo, wai in sauke hotonta ko ta kai ƙarata. Kayan fa iri ɗaya ne, dila ɗaya ma muke saro wa. Tana da gaskiya? Me zan yi?

Amsa: Hajiya, tana da gaskiya, kuma shawarata ki sauke hoton yau tun kafin ta cika fom ɗin ƙorafi na Instagram.

Abayar taki ce tunda kin biya kuɗinta, amma hoton wani kaya ne daban. Wadda ta nemi mai saka rigar, ta zaɓi wuri da haske, ta ɗauka ko ta biya aka ɗauka da sharaɗin hoton nata ne, ita ke da haƙƙin mallakarsa. Haƙƙin nan yana tabbata ne tun lokacin da aka danna kyamara, ba sai an yi rajista ba, ba kuma sai an manna suna a jiki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Najeriya kuma tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, don haka hoton shagon Dubai ko na Istanbul ma yana da kariya a nan. Kin ga ke nan ko da babu tambari ko ɗaya a jikin hoton, ɗaukarsa ki yi talla ba da izini ba keta haƙƙi ne.

Goge tambarin ya ƙara miki laifi na biyu a kan na farko. Sashe na 51 na dokar ya hana mutum ya cire ko ya sauya bayanan da ke tare da aikin da ke yawo a na'ura, waɗanda ke nuna mai shi, in yana sane kuma ba da izini ba, ya kuma hana yaɗa aikin da aka san an cire masa irin bayanan. Sunan shago da lambar waya da aka rubuta a jikin hoto aikinsu ke nan, su nuna mai abu. A Amurka, inda kamfanin Meta mai Instagram da WhatsApp yake, wata dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta sa diyyar dala 2,500 zuwa 25,000 a kan kowane cirewa guda. Ba ina tsorata ki da kotun Amurka ba ne, da wuya mai shagon Abuja ta je can. Na kawo shi ne don ki san dalilin da manyan kamfanonin sayar da hotuna ke ɗaukar gogewar da zafi fiye da kwafin kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne gogewar tana rufe miki ƙofar uzuri. Wanda ya tura hoto da sunan mai shi a jiki zai iya cewa bai san haramun ba ne, kuma sau da yawa akan bar maganar a kan ya sauke. Wadda ta buɗe manhaja ta shafe suna ta sa nata ba ta da bakin cewa ba ta san mai hoton ba. Kamar a tasha ne a kama mutum yana kankare sunan da aka rubuta a jikin dilar kaya yana rubuta nasa. Ba wanda zai saurari cewa kuskure ya yi. Yanke gefen hoton da sunan yake, ko ɗora sitika a kansa, duk hukuncinsu ɗaya da gogewa. Rubuta "hoto daga shafin wance" a ƙasa ma ladabi ne kawai, ba ya zama izini.

Kada kuma ki dogara da cewa manhajar tana goge wa tas. Mai hoton za ta sa shi a Google Lens ko TinEye, su nemo mata inda ya bayyana, domin kamannin hoton suke bi, ba rubutun jikinsa ba. A harkarku ma yawanci ba a kai ga haka, kwastoma ce ke ganin hoton a wuri biyu ta kai labari. In aka zo tabbatarwa, ita tana da asalin hoton mai cikakken girma, da ranar da aka ɗauka, da sauran hotunan da aka ɗauka a zama ɗaya, ga wadda ta saka rigar a matsayin shaida. Ke kuwa ƙaramin kwafi ne a hannunki, kuma in aka ƙara girmansa za a ga wurin da aka shafe ya dushe, zanen leshi ko duwatsun abayar sun karkace a daidai nan.

Ga yadda abin kan tafi. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, kuma mai hoto na iya neman diyya da umarnin a hana ki ci gaba, tana iya kuma kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Amma ƙananan 'yan kasuwa ba kasafai suke bin wannan doguwar hanya ba, tunda akwai gajera kuma kyauta. Instagram na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka. Za ta sa adireshin hotonta da na naki, in suka gamsu su cire naki su aiko miki sanarwa. In ƙorafi ya yi ta maimaituwa, ƙa'idarsu ita ce su rufe shafin gaba ɗaya. Yanzu ki ƙirga hotuna nawa ne irin wannan a shafinki, kuma na mutum nawa ne.

Mu yi lissafi da misali. A ce shafin yana kawo miki oda 20 a wata, ribar kowace naira 5,000, naira 100,000 ke nan. A ce mai ɗaukar hoto zai karɓi naira 40,000 ya ɗauki kala 15 a yini guda, kowace kala ta tashi ƙasa da naira 2,700, wato wajen rabin ribar riga ɗaya, kuma hoton zai yi miki aiki har kalar ta ƙare. In aka rufe shafin kika yi wata uku kafin sabo ya kama ƙasa, kusan naira 300,000 ta tafi, ban da tsofaffin saƙonnin kwastomomi da ba za ki sake gani ba. Ki sa alƙalumanki na gaskiya a gurbin nawa ki gani.

To, matar Abuja. Ki sauke hoton daga ko'ina, har da Highlights da katalog ɗin WhatsApp Business, ki rubuta mata gajeren saƙo cewa kin sauke, ki ba ta haƙuri, kada ki shiga gardamar dila ɗaya kuke saro wa. Ki ajiye hoton allon hirar. In ta riga ta kai ƙorafi, sanarwar da za ki samu yawanci tana ɗauke da sunan mai ƙorafin da imel ɗinta, kuma ita ce ke iya janyewa, don haka sulhu da ita ya fi miki amfani. Kada ki cika fom ɗin ɗaukaka ƙara kina cewa hoton naki ne alhali ba naki ba. In takardar lauya ta zo da neman kuɗi, kada ki biya kuma kada ki yi shiru, ki nuna wa lauya tukuna.

Daga nan sai ki koma wurin dilanki, domin nan ne hanya mafi sauƙi take. Dillalai da yawa suna son masu sari su yi talla da hotunansu, ciniki ne ke ƙaruwa musu. Ki rubuta masa a WhatsApp: "Alhaji, ina neman izinin amfani da hotunan abaya kala kaza a shafina na Instagram da WhatsApp. Ku kuka ɗauke su? Za ku turo mini marasa tambari, kuma kun yarda in sa sunan shagona?" Tambayar tsakiyar nan ita ce muhimmiya, saboda dilan da shi ma kwaso hoton ya yi ba shi da izinin da zai ba ki. In ya ce ki yi amfani amma ki bar tambarinsa, ki bar shi. Doka ta yarda da izinin baki a irin wannan, amma na rubuce ne kike iya nunawa ranar da aka tambaye ki.

Ni dai na fi son ki ɗauki naki, ko da wayar hannunki ce. Hoton aro yakan nuna kala da faɗuwar yadin da ba lallai su zama daidai da abin da ke shagonki ba, daga nan ake samun dawo da kaya da ɓacin rai. Ki goge gilashin kyamarar, ki tsaya kusa da taga da hantsi inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, ki kashe filasha domin tana wanke baƙin abaya ya koma toka-toka. Farin bango ko farin zanin gado ya isa a baya. Kowace kala ki yi mata hoto uku: tsawonta gaba ɗaya, ɗaya daf da duwatsu ko aikin zare, ɗaya na hannu ko bakin atamfar inda sunan kamfani yake. Kada ki jawo hoton da yatsa, ki matsa kusa da ƙafarki. Ki ajiye asalin hotunan ba tare da gyara ba, su ne hujjarki in an kwashi naki, sannan ki sa tambarinki a inda ya ɗan hau kan rigar, don wanda ke can kusurwa yanke shi ake yi.

In mai hoto za ki kira, ku rubuta yarjejeniya tun kafin aiki. Biyan kuɗin ɗauka shi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin hannunki, kuma doka ta ce miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce. Layi biyu da sa hannunsa sun wadatar, cewa ya miƙa miki haƙƙin hotunan da ya ɗauka ranar kaza. Wadda za ta saka rigar ita ma ki karɓi yardarta a rubuce cewa fuskarta za ta fito a talla.

Sauran hotunan ado, irin na gaisuwar Sallah ko bangon sanarwar ragi, ba sai kin goge na kowa ba. Wanda kike gani a Shutterstock ko iStock da rubutu a giciye samfuri ne, in kin biya su ba ki mai tsabta tare da lasisi, ki adana rasit ɗin. Ki duba kada ya zama mai alamar Editorial use only, wannan na labarai ne, ba a talla da shi. Pexels da Unsplash suna ba da hotuna kyauta har don kasuwanci, sai dai ba a yarda ki nuna kamar mutumin da ke ciki yana tallata kayanki ba. In kuma kika ga hoto mai lasisin Creative Commons, ki karanta haruffan da ke biye: CC0 babu sharaɗi, CC BY sai kin ambaci mai shi, duk wanda ke da NC kuwa ba na kasuwanci ba ne, bai dace da shafinki ba.