An cire mini kuɗin injin wanki sau biyu, me zan rubuta wa banki?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka wajen Shari'a Mansur. Daren Alhamis na sayi injin wanki riyal 1,380 na biya da katin mada, wato katin banki na nan Saudiyya, na farko na'urar ta tsaya yaron shagon ya ce shabaka ce, wato matsalar netwok, in sake, na sake ta wuce. Ina zuwa gida na ga saƙo biyu, an cire 1,380 sau biyu. Mai shago ya rantse sau ɗaya kuɗi ya shigo masa. Yau Laraba shiru. Ƙanena ya ce in rubuta wa banki takarda, me zan ce a ciki, ko in koma in tsare mai shagon ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kada ki tsare mai shago tukuna, don akwai yiwuwar gaskiya ya faɗa miki, kuɗin ba ya hannunsa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan kin ɗora kati, na'urar tana aika tambaya ta hanyar mada zuwa bankinki, bankin ya duba ya ga akwai kuɗi ya cire ya ce na amince, to wannan amsar ita ce wani lokaci take maƙalewa a hanya ba ta dawo wa na'urar ba. Na'ura ta jira ta gaji ta ce bai yi ba, alhali can banki ya riga ya taɓa kuɗinki har ya turo miki saƙo. A ka'ida na'urar za ta aika wani saƙon sokewa kuɗin ya dawo da kansa, sau da yawa ma kafin mutum ya isa gida ya dawo, amma idan sokewar ma ta maƙale sai kuɗin ya tsaya a tsakiya, ba ya wajenki ba ya wajen mai shago. Ɗaya yanayin kuma shi ne duka biyun sun wuce lafiya, takarda ce kawai ba ta fito ba a karon farko ko yaron bai tsaya ya karanta ba, to a nan kuɗin na wajen shago sau biyu ko da shi mai shagon bai lura ba. Takardar da za ki rubuta ta dogara ne da wanne daga cikin biyun nan ya same ki, shi ya sa nake so ki yi abu biyu kafin ki ɗauki biro.

Na farko ki bar saƙon waya, ki buɗe manhajar bankin ki ciro kashful hisab, wato bayanin shige da ficen kuɗin asusunki, na wannan makon. Saƙo yana nuna an yi yunƙurin cirewa ne kawai, kuma ba kullum ake turo saƙo idan kuɗi ya dawo ba, na sha ganin wanda ya kwana uku yana tsine wa banki alhali kuɗinsa ya koma tun daren, bai duba ba ne. Ki ga ko layi biyu ne na 1,380 suka zauna daram, ko ɗaya ya zauna ɗayan yana cikin waɗanda aka riƙe ba a kammala ba. Idan a riƙe yake yawanci sakinsa ake yi ba sai an yi dogon rubutu ba. Kuma ki lura da lissafin kwanaki, Juma'a da Asabar hutu ne a nan, don haka daga daren Alhamis zuwa Laraba kwanakin aiki huɗu ne a wajensu ba shida ba. Amma dai huɗun ma sun isa a ce kin motsa.

Na biyu ki koma shagon da fara'a, ba da faɗa ba, ki ce a duba miki muwazana ta wannan daren, wato jimillar da na'ura take fitarwa idan an rufe cinikin rana. Su nemo kwafinsu na rasit na ƙarfen da kika biya. Rasit ɗin na'ura yana ɗauke da kalma ɗaya da ta fi komai, ko مقبولة wato an karɓa ko مرفوضة wato an ƙi. Idan aka ga مقبولة sau biyu to magana ta ƙare, kuɗinki na wajensu, kuma mafi sauri shi ne su mayar miki ta na'urar zuwa katin da kika biya da shi, su ba ki rasit ɗin mayarwar. Idan kuwa ɗaya ce aka karɓa ɗayar an ƙi ko ma babu ita sam a lissafinsu, ki ɗauki hoton abin da suka nuna miki, wannan hoton shi ne ƙashin bayan takardarki.

To ita takardar. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi, ni ma na taɓa yi shekarun baya a kan kuɗin tayoyin mota, shi ne mu cika shafi biyu da labari da ɓacin rai, yadda muka sha rana, yadda muka daɗe muna hulɗa da bankin, mu rufe da a ji tsoron Allah. Ma'aikacin da na miƙa wa tawa ya karanta har ƙarshe ya ɗago kai ya ce, to wacce daga cikin biyun kake so a mayar? Ban da amsa. Shi wanda zai duba ƙorafinki lambobi yake bi ba labari ba, a gabansa cire-cire biyu ne masu kuɗi iri ɗaya a shago ɗaya, kuma mutum na iya sayen abu biyu masu farashi ɗaya a jere. Aikinki shi ne ki nuna masa ciniki ɗaya ne, ki kuma ɗora yatsa a kan cirewar da ba ta da ciniki a bayanta.

Abin da ke bambanta su shi ne lokaci da lambar RRN. Kowace cirewa tana da tata, lamba 12 ce, tana kan rasit ɗin na'ura, wadda aka karɓa kuma tana da lambar amincewa guda 6. Idan ba ki da rasit ɗin na farkon ki kira lambar da ke bayan katinki ki ce su ba ki lambar cirewar farko, ko ki wadatu da ainihin minti. Bari mu ce na farko 9:42 ne na biyu 9:44, ga yadda zan rubuta da ni ne:

"Zuwa ga sashen ƙorafin abokan hulɗa. Batu: neman mayar da riyal 1,380 da aka cire sau biyu a ciniki ɗaya.

Ni ce wance, mai lambar iƙama kaza, mai asusu da IBAN kaza, katina na mada yana ƙarewa da lambobi huɗu kaza. Ranar Alhamis kaza ga wata kaza na sayi injin wanki ɗaya a shago kaza da ke Makka a kan riyal 1,380, lambar fatura kaza. Da ƙarfe 9:42 na dare na ɗora kati na'ura ba ta kammala ba, lambar RRN kaza. Da ƙarfe 9:44 na sake aka karɓa, lambar RRN kaza, lambar amincewa kaza. Kashful hisab ɗina ya nuna an cire duka biyun, jimla riyal 2,760, alhali ciniki ɗaya na yi. Cirewar 9:44 daidai ce ba na jayayya da ita. Ina jayayya da ta 9:42, ina neman a mayar da riyal 1,380 cikin asusuna. Na koma shagon ranar kaza sun tabbatar sau ɗaya kuɗi ya shigar musu kuma ba su mayar mini da komai ba. Na haɗa da hoton fatura, rasit ɗin na'ura, muwazanar shago da kashful hisab. Ina roƙon a ba ni lambar ƙorafi da ranar da zan samu amsa. Lambar wayata kaza."

Shi ke nan, rabin shafi. Wannan jimlar ta cewa ba ki jayayya da ta 9:44 kada ki cire ta, don idan kika ce kawai a mayar mini da kuɗina ana iya buɗe ƙorafin a kan wadda ta wuce lafiya, bankin shago ya turo rasit mai مقبولة a ce miki ciniki sahihi ne a rufe fayil, ki koma farko bayan kin ɓata makonni. Ita kuma fatura, wato takardar sayayyar da shago ya ba ki, amfaninta shi ne ta nuna inji ɗaya ne, riyal 1,200 da haraji kashi 15 wato 180, ya tashi 1,380 sau ɗaya tak. Sunan shago ki rubuta shi yadda ya fito a kashful hisab, don sau da yawa sunan da ke kan allon ƙofa daban da sunan mu'assasar da ke cikin na'ura. Kwanan wata ma haka, na miladiyya da ke cikin kashful hisab ki kwafa, kada ki juya shi zuwa hijiriyya da ka ki yi kuskuren kwana ɗaya.

Da Larabci za a miƙa ta, in rubutun Larabcinki bai zauna ba ki ba wani cikin yaran gida ya juya miki, amma lambobin ki bi su da idonki ɗaya bayan ɗaya. Kuma gaskiya yanzu takardar hannu ita kaɗai ba ita ce ke tayar da aikin ba, yawancin bankuna a nan suna da wajen jayayya da cirewa a cikin manhaja, ko a yi ta waya. Shawarata ki fara buɗewa ta can don ki samu lambar ƙorafi nan take, ki zuba wannan rubutun a wajen bayani ki ɗora hotunan. In kin je reshe da takarda ki tafi da kwafi biyu, kada ki baro wajen sai da lambar ƙorafi a hannunki, takardar da ba ta da lamba kamar ba a kawo ta ba ce.

Wani abu da ya shafe mu musamman, mai asusu ne kaɗai zai iya yin wannan. Idan katin maigida ne ko na ɗanki kika riƙe, shi zai rubuta da sunansa, banki ba zai yi magana da ke a kan asusun wani ba. Sannan a takardar lambobi huɗun ƙarshe na kati sun wadatar, ban da lambar sirri, ban da ukun bayan kati. In wani ya kira ki ya ce daga banki yake zai mayar miki da kuɗi ki karanto masa lambar da aka turo wayarki, ki kashe, ɓarawo ne, mayar da kuɗi ba ya buƙatar wannan lambar. Masu zuwa su rubuta ƙorafinsu a fili a shafukan sada zumunta da lambar waya su aka fi kira.

Idan ranar da suka ba ki ta wuce shiru, ko suka rufe ƙorafin ba ki gamsu ba, sai ki ɗaukaka shi zuwa babban bankin ƙasa, SAMA, suna karɓar ƙorafin masu asusu a kan bankuna ta shafinsu. Za su so ganin kin fara da bankinki, a nan lambar ƙorafin za ta yi miki rana, rubutun nan dai shi za ki sake turawa ki ƙara layi ɗaya na abin da banki ya ce. In kuma a tsakani mai shago ya gano kuɗin a wajensa ya mayar miki, ki kira banki ki rufe ƙorafin, kada a biya ki sau biyu daga baya a dawo a cire ba ki shirya ba.