Wanne ake fara dubawa wajen fassara yarjejeniya?

Tambaya: "'Yan uwa, in ƙasashe biyu suka yi saɓani kan ma'anar kalma a yarjejeniya, ba sai a buɗe takardun zaman tattaunawa a ga abin da suka nufa ba?"

Ɗan uwa, ba daga nan ake farawa ba. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya kawo mini tulin daftari yana murna, alhali bai zauna da matanin da aka sa wa hannu ba.

Yarjejeniyar Vienna ta 1969 ta tsara abin. Sashe na 31 ya ce a fassara da kyakkyawar niyya, a ba kalmomi ma'anarsu da aka saba, a karanta su tare da abin da ke kewaye da su, wato sauran sassa da gabatarwa da rataye, ana la'akari da manufar yarjejeniyar. Duka a haɗe ake auna su lokaci guda. Takardun share fage kuwa, wato na zaman tattaunawar, suna sashe na 32. Ana ɗauko su don tabbatar da ma'anar da aka riga aka samu, ko idan ma'anar ta kasance da harshen damo, ko ta kai ga abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Dubi shari'ar Botswana da Namibiya kan tsibirin Kasikili, wanda 'yan Botswana ke kira Sedudu. Yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1890 ta ce iyaka ta bi tsakiyar babban reshen kogin Chobe. To, a wurin kogin ya rabu biyu ya zagaye tsibirin. Wanne ne babba? Kotun Duniya ta fara da kalmar kanta, ta duba zurfi da faɗi da yawan ruwan da ke gudu da kuma inda jirgi zai iya bi. Sannan ta koma kan manufa, ta ga Turawan nan biyu hanyar jirgin ruwa na cikin abin da ya dame su. A 1999 ta yanke cewa reshen arewa ne babba, tsibirin ya zama na Botswana. A cikin hukuncin, sai bayan ta gama da kalmar da manufar ta leƙa takardun tattaunawar, ta ce sun goyi bayan abin da ta gano.

Ni dai ina ganin hikimar hakan a fili take. Waɗannan takardu sau da yawa guntu-guntu ne, kowane wakili ya faɗi abin da yake so, wani ma ya janye daga baya. Ga kuma ƙasar da ta shigo yarjejeniya bayan shekaru, ba ta ɗakin lokacin da ake magana. Abin da kowa ya amince da shi shi ne matanin ƙarshe.

In ka ga hujjarka ba ta tsayuwa sai da jawabin wakili ɗaya, koma ka sake karanta sashen da ake jayayya a kansa tare da maƙwabtansa.