Yadda ake zare jadawali ɗaya daga dogon rahoton PDF zuwa Excel

Tambaya: Salamu alaikum. An turo mini rahoton kasafin kuɗi na PDF, ya haura shafi 300, kuma jadawalin ayyukan ma'aikatu kaɗai nake so, daga shafi na 41 zuwa 46. In na kwafa na liƙa a Excel sai komai ya cunkushe a gida ɗaya. Yaya zan yi? Ina Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. PDF bai san jadawali ba. Abin da yake ajiyewa shi ne wurin da kowane harafi zai zauna a shafi, layukan da ka gani kuwa zane ne kawai. Shi ya sa kwafi ba ya zuwa da gidajen.

Fara da gwaji. Danna Ctrl+F ka nemi wata kalma da idonka ke gani a jadawalin. In ya samo ta, rubutu ne na gaske, aikinka zai yi sauƙi. In bai samo ba, hoton takarda ne aka ɗauka, sai dai a Excel ka bi ta Data > From Picture shafi bayan shafi, kuma ka duba kowace lamba da ido, domin yana rikita 0 da 8, da 1 da 7.

In rubutu ne, kada ka ɗora wa Excel rahoton gaba ɗaya. Zai daɗe yana juyi, ya kuma jero maka jadawalai barkatai. Buɗe fayil ɗin a Chrome ko Edge, danna Ctrl+P, zaɓi Save as PDF, ka rubuta shafukan da kake so. Lura fa, lambar da aka buga a ƙasan takarda ba lallai ta dace da ta manhaja ba, saboda bango da gabatarwa. Shafi na 41 na iya zama na 49 a ƙirgar kwamfuta.

Daga nan, a Excel na Microsoft 365 a kan Windows, shiga Data > Get Data > From File > From PDF. Za ka ga jeri irin su Table001 da Page001. Sau da yawa yana haɗe shafukan a jadawali ɗaya. In ya rarraba su, sa alama a Select multiple items ka zaɓe su, daga baya ka haɗa su da Append Queries. Danna Transform Data, kada ka yi saurin danna Load. Wanda tsohon Excel ne a hannunsa, manhajar Tabula kyauta ce, tana ba ka damar ja wa jadawalin akwati ka fitar da shi CSV, amma sai da Java, kuma ba ta karanta hoto.

A wannan gaɓar nake so ka natsu, don nan ake yin ɓarna ba a sani ba. Lambobin ma'aikatu a kasafin jiha da yawa da sifili suke farawa, kamar 011100100100. Excel zai ɗauke su a matsayin adadi ya share sifilin, gobe in ka zo haɗa jadawalin da wani sai su ƙi haɗuwa. Mayar da wannan ginshiƙin Text, in ya tambaye ka zaɓi Replace current. Sannan kanun jadawali yana maimaituwa a kowane shafi, tace shi ka cire. Sunan aikin da ya yi tsawo, irin gyaran hanyar Jega zuwa Yauri da ya karye layi biyu, yakan haifar da layi na biyu marar kuɗi; haɗe shi da na sama.

Bayan Close & Load, a ce kuɗin suna D2 zuwa D200, gwada waɗannan:

```
=COUNT(D2:D200)
=COUNTA(D2:D200)
```

Na farko adadi kawai yake ƙirgawa, na biyu duk gidan da ke da wani abu. In ka samu 190 da 199, gidaje tara suna ɗauke da abin da ya yi kama da kuɗi amma rubutu ne, kuma SUM zai tsallake su shiru. Za ka gane su sun jingina hagu. Yawanci ɓoyayyen fili ne ya maƙale, wannan yana cire shi:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(D2,CHAR(160),"")," ",""))
```

In ya ba ka #VALUE!, duba ko ɗan karan nan "-" da ake sawa a madadin sifili ne, ka rubuta 0.

Sai ka tara ka gwada da jimillar da rahoton ya buga da kansa. In taka ta ninka tasu, ƙananan jimillolin kowace ma'aikata sun shiga lissafi, cire su. In ta gaza, ɗebe ka ga bambancin, a ce 45,000,000.00, ka nemi wannan adadin a PDF ɗin da Ctrl+F. Galibi layin farko ne ko na ƙarshe a wani shafi ya faɗi. In bai fito ba, tara shafi-shafi har ka kama inda aka rabu. Ni dai ba na miƙa wa kowa jadawalin kuɗin jama'a sai jimilla ta dace har kwabo.

In kuma ka tabbatar kowane layi daidai yake amma har yanzu ba su dace ba, to kuskuren na rahoton ne. Kada ka gyara musu adadi. Rubuta bambancin da lambar shafin a gefe, ka tuntuɓi ofishin da ya fitar da shi.