Asara ce ko riba? Lissafi biyu a kan inji ɗaya

Tambaya: Salam malam. Ni da ƙanena muke da wajen casar shinkafa. Mun sayi inji N4,600,000, kawowa da kafawa suka ci N400,000. Bayan shekara 3 cif muka sayar N1,900,000, dillali da masu kwance injin suka karɓi N100,000. Akantanmu ya ce mun yi asarar N500,000, ɗan ƙanen nawa da ke karatu a foli ya lissafa ya ce a'a ribar N720,000 ce. Shi akanta sitiret layin ya yi, yaron kuma ridusin balans na kashi 40, dukansu a kan shekara 5 da ragowar N500,000. Wa ke da gaskiya don Allah, abin ya fara kawo mana ƴar magana.

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka kuma ka kwantar da na ƙanen naka, babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu, na bi alƙaluman duka biyun sun fita daidai. Kuma ba wani kuɗi da ya ɓace a tsakani. Abin da injin nan ya ci muku a shekara ukun nan abu ɗaya ne, N3,200,000, wato N5,000,000 da ya shiga a cire N1,800,000 da ta dawo hannunku bayan an sallami dillali da masu kwancewa. Kowane tsarin cire faɗuwar darajar inji a littafi aka bi nan za a tsaya, bambancin kawai a wace shekara aka rubuta wane kaso.

Na ce N5,000,000 ne saboda kuɗin kawowa da kafawa cikin kuɗin inji suke, duk abin da aka kashe har injin ya zauna a wajensa ya shirya aiki ana haɗa shi. Mutane da yawa sai su jefa shi cikin kashe-kashen wata kamar kuɗin gas, daga nan lissafin ya fara karkacewa. Mutanenka biyu sun yi daidai a nan.

To ga yadda akanta ya yi da sitiret layin, wato rabon daidai. Ya ce injin zai yi shekara 5, in ya gama kuma za a iya samun N500,000 a jikinsa ko da a wajen ƴan gwangwan ne. Kenan abin da zai narke N4,500,000 ne, ya raba gida biyar, kowace shekara N900,000, ba ƙari ba ragi. Shekara uku ta ba da N2,700,000, saura N2,300,000 a littafi. Kun samu N1,800,000 a abin da littafi ya ce N2,300,000 ne, giɓin N500,000 shi ne asarar da ya faɗa maka.

Shi kuma yaron bai taɓa ragowar N500,000 ɗin ba a farko, don tsarinsa ba ya cire ta kafin ya fara, kashi 40 yake ɗauka daga abin da ya rage a littafi kowace shekara. Shekarar farko kashi 40 na N5,000,000 ya kama N2,000,000, saura N3,000,000. Ta biyu kashi 40 na wannan sauran ne, ba na kuɗin asali ba, N1,200,000 kenan, saura N1,800,000. Ta uku N720,000, saura N1,080,000. Ka ga a littafinsa injin ya riga ya zube sosai, don haka da kuka karɓi N1,800,000 sai ya zama kun haura littafi da N720,000, ya kira ta riba. Kashi 40 ɗin ma ba daga sama ya tsinto shi ba, shekara 5 na nufin kashi 20 a shekara a rabon daidai, sai a ninka biyu, haka ake koya musu.

Yanzu haɗa ka gani. Wajen akanta N2,700,000 da aka riga aka cire, a ƙara asarar N500,000, ya zama N3,200,000. Wajen yaro an cire N3,920,000 a shekara ukun, a rage ribar N720,000, ya dawo N3,200,000. Shi ya sa nake gaya wa mutane wannan riba ko asara ta ranar sayarwa gyaran kiyasi ce kawai. In asara ta fito, ma'ana abin da aka riƙa cirewa a baya bai kai yadda injin ke faɗuwa ba, ribar shekarun baya an ɗan kumbura ta. In riba ta fito, an cire fiye da kima, ribar baya an danne ta. Don haka kada kowa ya ce a fito da N720,000 a raba, ba kuɗi ba ne a aljihun wani, kuɗin da ke ƙasa N1,800,000 ne kawai.

Amma akwai inda zaɓin tsarin ke da haƙori, musamman ga masu haɗin gwiwa irinku. In rabonku bai canza ba a shekara ukun nan, misali rabi da rabi tun farko har yau, babu wanda aka zalunta ko wane tsari aka bi. In kuwa wani ya shigo ko ya fita a tsakiya, ko an canza kason rabo, to magana ta canza, saboda a shekarar farko kaɗai ribar da za a raba ta bambanta da N1,100,000 tsakanin tsarin biyu. Wanda ya fita bayan shekara ɗaya a tsarin yaro ya ɗauki nauyin N2,000,000 ya tafi, wanda ya shigo daga baya ya zo ya tarar da ribar sayarwa. Wannan shi ya kamata ku duba.

Wanne za ku ɗauka yanzu? Wanda aka yi ta rubuta littafinku da shi tun farko. In akanta ya shekara uku yana cire N900,000 kuna raba riba a kan haka, asarar N500,000 ita ce taku, ba a zuwa ranar sayarwa a ɗauko wani tsari don yana nuna riba, in kun yi haka kun ci riba sau biyu a takarda, kun more ƙaramin cirewa a baya kuma kun more ribar tsarin da ba ku biya nauyinsa ba. Ƙa'idar akantoci ta duniya mai suna IAS 16 da ta shafi injuna da gine-gine ta yarda a canza tsari in yadda ake morar injin ya canza, har ta ce a riƙa duba tsarin da shekarun da ragowar aƙalla duk ƙarshen shekara, amma canjin gaba yake kallo, ana ɗaukar abin da ya rage a littafi a ci gaba da sabon tsari, ba a komawa a goge shekarun da aka rufe.

In kuma tambayar ita ce wanne ya fi dacewa da sabon injin da za ku saya, ni a ganina ku duba yadda injin ke aiki. Injin casa da ke fitar da buhu kusan iri ɗaya shekara da shekara in ana canza masa rola da bel a kan lokaci, rabon daidai ya dace da shi kuma ya fi sauƙin bayani ga abokin haɗin gwiwa. Mota, kwamfuta, ko inji da ƙarfinsa ke shekarun farko daga baya sai kuɗin gyara ya yi ta hawa, su ne na ridusin balans, cirewa mai nauyi ta haɗu da gyara kaɗan a farko, cirewa mara nauyi ta haɗu da gyara mai yawa a ƙarshe, sai nauyin shekarun ya ɗan daidaita. Abin lura a naku, farashin da kuka samu ya faɗo tsakanin littafan biyu ne, ya ma fi kusa da na akanta, tazarar N500,000 a kan N720,000. Sai dai kar ku ɗauki farashin kasuwa a matsayin alƙali, tun da naira ta faɗi a 2023 injunan waje na hannu sun yi tsada, har wani ya sayar da tsohon inji sama da yadda ya saya, wannan ba ya nufin injin bai tsufa ba.

Akwai tarko ɗaya a tsarin yaron da ya kamata ya sani tun kafin jarrabawa ta nuna masa. Da ba ku sayar ba, shekara ta huɗu zai cire N432,000 saura N648,000. Ta biyar kashi 40 zai ba shi N259,200, littafi ya sauka N388,800, ya nutse ƙasa da ragowar N500,000 da aka tsayar. Ba a yarda da haka ba, dole a shekarar ƙarshe ya tsaya a N148,000. In ana so kason ya sauka kan ragowar da kansa, ga yadda ake fitar da shi, tare da yadda za a gwada duka a Excel:

```
=1-(500000/5000000)^(1/5)
=SLN(5000000,500000,5)
=DDB(5000000,500000,5,1)
=DDB(5000000,500000,5,5)
```

Layin farko zai ba da kusan kashi 36.9, na biyu 900,000, na uku 2,000,000, na huɗu kuma 148,000, don shi DDB yana taka burki da kansa in ya iso ragowa.

Wajen rubuta sayarwar a littafi kuwa, akanta zai buɗe asusu na musamman na fitar da injin. Ya kwashe N5,000,000 daga asusun injuna ya sa a ɓangaren hagu, ya kwashe tarin abin da aka cire, N2,700,000, ya sa a dama, ya sa N1,900,000 da aka karɓa a dama, N100,000 ta dillali da masu kwancewa a hagu. Hagu N5,100,000, dama N4,600,000, giɓin N500,000 ya wuce zuwa lissafin riba da asara na shekarar. Ku duba abu biyu a takardarsa. Kada ku ga N1,900,000 cikin cinikin casa kamar kuɗin buhunan da aka casa, in ta shiga nan ribar shekarar ta kumbura a banza. Sannan ku tabbata injin ya fita gaba ɗaya, kuɗinsa da tarin cirewarsa, ana yawan samun kamfani an sayar da inji tun bara amma har yau ana cire masa N900,000.

Kun ci sa'a sayarwar ta faɗo ƙarshen shekara cif. Da a ce an ci wata huɗu cikin shekara ta huɗu, sai an fara cire na watannin kafin a fitar da riba ko asara, N75,000 a wata wajen akanta wato N300,000, littafi ya koma N2,000,000 asara ta ragu zuwa N200,000, wajen yaro kuma N36,000 a wata. Kuma ko injin a kulle yake a watannin nan saboda babu shanshera ana ci gaba da cirewa a tsarin biyun.

Batun haraji daban yake. Hukumar haraji a Najeriya ba ta karɓar wannan cirewar taku ko ta wane tsari ce, tana mayar da ita cikin riba sannan ta ba da nata alawus na kayan jari bisa nata jadawalin, don haka asarar N500,000 ɗin nan ba lallai ita ce za ta fito a takardar haraji ba, ku ce wa akanta ya fitar muku da wannan lissafin a takarda ta daban.