Idan kwanan wata biyu suka saɓa a takarda ɗaya, wanne za ka gyara?

Tambaya: "Salamu alaikum. Ban daɗe da fara aiki a shagon buga takardu a nan wajen Gumel ba, ni ke duba takarda kafin a fitar da ita. Wani lokaci sai in ga kwanan watan da ke sama daban, na cikin wasiƙa daban, ko a ce an haɗo wata takarda amma babu ita. In gyara kawai in wuce, ko yaya ake yi? Ina jin nauyin in riƙa kiran mutane a kan ƙaramin abu."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kira za ka yi, kuma ka ajiye jin nauyin nan gefe. Na daɗe ina wannan sana'a a yankin naku, kuma abin da ya raba ni da gyaran shiru ba karatu ba ne, ɓarna na yi da hannuna.

A watan Nuwamban 2024 sakataren wata ƙungiyar manoman rani ya aiko min da takardar kiran taro, rubutun hannu, in buga kwafi talatin. Ya rubuta cewa za a zauna "ranar Laraba, 14 ga Nuwamba". Na ɗaga kai na dubi kalandar bango, na ga 14 ga wata Alhamis ce. A raina na ce lamba ba ta ƙarya, sunan ranar ne ya kuɓuce masa. Na goge Laraba na sa Alhamis, na buga, na miƙa wa yaron da aka aiko. Ban faɗa wa kowa ba, har ina ganin na taimaka.

Ashe Larabar ce daidai, 13 ga wata. Sakataren ya kwafi takardar taronsu na Agusta ne, ya canza sunan wata ya manta da lamba, kuma 14 ga Agustan shekarar Laraba ce. 'Yan cikin gari da suka ji da baki sun zauna ranar Laraba. Mutanen ƙauyukan gefe, waɗanda takardata ce kaɗai ta isa gare su, suka zo ranar Alhamis suka tarar rabin gari ya tafi kasuwar Maigatari. Wani dattijo ya biya kuɗin mashin zuwa da komawa a banza, kuma rabon filin fadama da aka yi a zaman an yi shi ba ya nan. Abin da ya fi damuna shi ne, da na bar takardar yadda ta zo, duk wanda ya karanta zai ga Laraba da 14 ba su haɗu ba, ya tambaya. Ni na share alamar da za ta sa a tambaya. Takardar ta fito fes, kuma ba daidai ba.

Tun daga nan nake auna kowane gyara da tambaya guda: amsar tana cikin takardar, ko tana wajen mai ita? Idan an rubuta "kungiya" ba lanƙwasa, ko kalma ta maimaitu, ko an manta aya, amsar tana gabanka, gyara ka wuce, ba wanda zai so ka kira shi a kan wannan. Amma idan wuri biyu a takarda suna musu da juna, abin da ka sani kawai shi ne ɗaya ba daidai ba ne. Wanne ne, ba ka sani ba. Wani sa'in ma duka biyun kuskure ne.

Kafin ka ce kwanan wata ya saɓa, ka tabbata ya saɓa ɗin. Mu Hausawa dare yana gaban rana a lissafinmu. Idan katin walima ko na Mauludi ya ce "daren Juma'a", mai katin yana nufin daren da ke shiga bayan magaribar Alhamis, don haka lambar da ya sa za ta faɗa kan Alhamis a kalanda, kuma bai yi kuskure ba. Ka tambaye shi ko yana so a ƙara "Alhamis da daddare" saboda baƙi, amma kar ka canza masa lambar kwanan watan. Haka kwanan watan Musulunci: wanda ke cikin wayarka lissafi ne aka yi tun da wuri, mu kuwa da sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi muke tafiya, kuma sukan bambanta da kwana ɗaya. Malami ya rubuta 12 ga wata, wayarka ta ce 13, ba hujja ba ce ta taɓa masa rubutu. Sannan ka lura da Fabrairu da Maris. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, ranakun watannin biyu iri ɗaya suke faɗawa, 10 ga Fabrairun 2025 Litinin ce, 10 ga Maris ma Litinin. In an musanya su, duba kalanda ba zai nuna maka komai ba, sai ka karanta abin da wasiƙar ke faɗa.

Maganar takardar da aka ce an haɗo, bari in ba ka aiki guda da na yi bayan na yi hankali, ka ga yadda abin ke tafiya.

Wata ƙungiya ce ta kawo wasiƙar neman tallafin injin ban ruwa da za su kai ƙaramar hukuma. Wasiƙar ta ce membobinsu 42 ne, kowa ya ba da naira 5,000, sun tara naira 210,000 a matsayin nasu kason. A ƙasa aka rubuta cewa an haɗo jerin sunayen membobi da kwafin takardar rajistar ƙungiya. Hoton jerin sunayen aka turo min ta waya in buga shi tare da wasiƙar.

Na fara karanta ta sau ɗaya don ƙa'idar rubutu, na gyara abin da ke nawa. Sai na sake komawa da fensir, wannan karon ba jimla nake karantawa ba, lambobi da alƙawura nake farauta. Duk inda na ga adadi na ja layi. Duk inda na ga "an haɗo", "kamar yadda yake a jerin", "duba kwafin", na zagaye. Na buga lissafi: 42 sau 5,000 ya ba da 210,000, wasiƙar ta yarda da kanta. Na ƙirga sunayen da ke jerin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ban dogara da lambar gefe ba, domin masu rubutun hannu sukan tsallake lamba ko su maimaita. Sunaye 40 na samu. Takardar rajista kuwa babu ita ko kaɗan.

Ga inda hannu ke ƙaiƙayi. Abu ne na minti ɗaya in mayar da 42 ta zama 40, in sauke kuɗin zuwa 200,000, in goge layin takardar rajista tunda ba ta zo ba. Komai zai daidaita. Amma dubi abin da zan aikata: na cire mutum biyu daga ƙungiyarsu, na ɓatar da naira 10,000 a rubuce alhali tana hannun ma'aji, ranar da aka zo lissafi shi za a kalla. Layin rajistar kuma, shi ne kaɗai zai tuna wa shugaba cewa akwai takardar da ya bari a gida. In na goge shi, sai ya hau mota ya je sakatariya a ce masa ina shaidar rajista.

Ban taɓa ko ɗaya ba. Na tura wa sakataren saƙo kamar haka: "Malam, na gama bugawa amma ban fitar ba, abu biyu nake jira. Wasiƙa ta ce membobi 42 da naira 210,000, jerin da aka turo min sunaye 40 ne. Akwai sauran sunaye, ko adadin wasiƙar za a canza? Sannan an ce an haɗo kwafin takardar rajista, ba ta cikin abin da ya zo min. Za a kawo ta, ko a cire layin?" Ka ga ban ce ya yi kuskure ba, kuma ban zaɓa masa ba. Na faɗi wurin, na faɗi abin da na gani a nan da abin da na gani a can, na ajiye masa hanya biyu. Saƙo irin wannan ana amsa shi a tsaye. Wanda ya ce "akwai matsala a takardarku" kawai, sai ya sa mutum ya baro gona ya taho.

Bayan la'asar ya kira. Sunaye biyun suna bayan takardar, wanda ya ɗauki hoto gaba kawai ya ɗauka. Takardar rajista tana cikin akwatin tsohon shugaba, washegari aka kawo ta muka yi fotokofi. Wasiƙar ba ta da laifi ko ɗaya, abin da aka haɗo ne ya gaza, kuma ni da farko wasiƙar na so in yanka don ta yi daidai da jerin.

Wa za ka tambaya, wannan ma abin lura ne. Ba yaron da aka aiko ba. Ɗan aike yana so ya koma da takarda, in ka ce masa Laraba ko Alhamis zai zaɓi ɗaya don ka sallame shi. Wanda zai sa hannu a ƙasa shi ne mai amsa. Shi ya sa nake karɓar lambar wayarsa tun lokacin da aka kawo aiki, in rubuta a bayan rubutun hannun, kuma ba na mayar da rubutun hannun sai an karɓi aikin. In a kwamfuta aka turo maka takardar kuma can za ka mayar, a Word ka zaɓi wurin, ka shiga Review ka danna New Comment, ka rubuta tambayarka a gefe, rubutunsa na nan yadda yake.

Akwai ranar da ba za ka samu mutumin ba, a ƙauye sabis yakan ɗauke wuni guda. In katin biki ne ko kiran taro mai kwafi da yawa, kar ka buga, jiran kwana ɗaya ya fi asarar kati ɗari biyu sauƙi. In wasiƙa ɗaya ce kuma an matsa, fitar da ita yadda aka rubuto, ka zagaye wuraren biyu da fensir a kan wani kwafi daban, ka maƙala shi a sama da 'yar takarda mai cewa a duba kafin a sa hannu. Takardar cinikin gona ko fili kuwa, in kuɗin da aka rubuta da lamba ya saɓa da wanda aka rubuta da kalmomi, ko suna ya zo Sa'idu a sama Sa'adu a ƙasa, ba na fitar da ita ko an matsa, sai mai sayarwa da mai saye sun faɗa min da bakinsu, domin wannan takarda ce da za a iya buɗewa gaban mai gari ko alƙali bayan shekara ashirin, lokacin da shaidun ma wataƙila ba su da rai.

Wani kuma za ka nuna masa ya ce a bar shi haka. Ka bar shi, takardarsa ce, wataƙila ya san abin da ba ka sani ba. Ni dai nakan rubuta a littafin shago ranar da na tambaya da abin da ya ce, kusa da kuɗin aikin.